Fitila, Sigina da Hon: Yadda Ake Gano Inda Wuta Ta Tsaya a Mota

Wutar da ke kunna fitilar mota tana tafiya ne a zagaye. Tana fitowa daga kan batir mai alamar tarawa, ta bi ta fis da makunni, ta shiga ƙwan fitila, sannan ta koma kan batir mai alamar ragewa. Hanyar zuwa waya ce, amma hanyar komawa yawanci ƙarfen jikin motar ne kansa. Wata gajeriyar waya da ake ɗaurawa a bodi da noti ita ce ke haɗa fitilar da ƙarfen, kuma ita ce masu rewaya ke kira at. Duk matsalar fitila, sigina ko hon tana nufin an sami cikas a wani wuri a cikin wannan zagaye, kuma wurare uku ne suka fi yawan kawo shi: ƙwan da ya ƙone, at ɗin da ya yi tsatsa, da soket ɗin da ya saki.

Bincike yana farawa ne da kallon abin da ya mutu da abin da ke aiki. Idan fitilar gaba ɗaya ce ta ɗauke, ɗayar tana ci, zargi na farko yana kan ƙwan ko soket ɗinsa. Idan duka biyun suka ɗauke lokaci guda, sai a nemi abin da suka yi tarayya a kansa, wato makunni, rile ko fis. Ƙwan da aka fi sani a tsofaffin motoci shi ne mai lamba H4, wanda ke da zare biyu a cikin gilashi ɗaya: na dogon haske mai wat 60, da na gajeren haske mai wat 55. Shi ya sa ɗaya kan mutu ɗaya ya ci gaba da aiki. Ana cire shi a ɗaga wajen haske. Zaren da ya tsinke ko gilashin da ya yi baƙi ya isa shaida. Hanya mafi tabbaci ita ce a musanya shi da na ɗaya gefen, a ga ko matsalar za ta bi shi. Ba a taɓa gilashin sabon ƙwai da yatsa, domin maiƙon hannu yana sa wurin ya yi zafi fiye da kima har ƙwan ya mutu da wuri. Idan kuwa ƙwai yana yawan ƙonewa, a auna cajin batir injin na aiki. Daidai shi ne wajen bolt 14. Idan ya haura 15, altaneta ce ke cinye ƙwayayen.

Sigina tana faɗar ciwonta da kanta. A ƙa'ida tana ƙiftawa sau 60 zuwa 120 a minti. Kowane gefe yana da manyan ƙwai biyu masu wat 21, gaba da baya. Da zarar ɗaya ya mutu, wutar da gefen ke ja ta ragu, sai rile ɗin sigina ya ninka saurin ƙiftawa, kuma an ƙera shi ne da gangan ya yi haka don direba ya farga. Irin wannan saurin yana faruwa idan aka sa ƙwai na zamani mai ƙarancin jan wuta a gurbin na asali, ko da yake lafiyarsa ƙalau.

Matsalar at ita ce ta fi ruɗar da mutane, domin ba ta kashe fitila gaba ɗaya. Idan hanyar komawa ta toshe, wuta tana neman wata hanyar, ta ratsa ta cikin ƙwayayen da ke kusa. Wannan ne dalilin da za a ga an kunna siginar hagu, sai fitilar birki ta riƙa ƙiftawa tare da ita a dushe, ko a taka birki sigina ta tsaya cak. Fitilun baya yawanci at ɗaya suke amfani da shi, kuma ruwan damina da na wankin mota suna taruwa a wurin, tsatsa ta shiga tsakanin waya da ƙarfe.

Ga misalin yadda ake bin sawunta. Mota ta zo fitilar gaba ta hagu ta yi ja kamar aci-bal-bal, ta dama kuwa tana haske tar. An canza ƙwai, babu bambanci. Mai rewaya ya tayar da injin, ya kunna gajeren haske, ya bar soket ɗin a maƙale da ƙwan. Ya saita mita a ma'aunin bolt, ya ɗora baƙar wayarta a kan batir mai alamar ragewa. Batir ya nuna 14. Ƙafar soket mai kawo wuta ta nuna 13.6, ke nan hanyar zuwa lafiya take. Ƙafar at, wadda ya kamata ta nuna kusan sifiri, bai wuce 0.2 ba, sai ta nuna 4. Ma'ana bolt 9.6 kaɗai ke isa ga ƙwan, kuma wannan ragin ya isa ya mayar da haskensa kusan kashi ɗaya cikin uku. Don tabbatarwa, ya ja wata waya daga ƙafar at kai tsaye zuwa batir, fitila ta washe nan take. Ya bi wayar har inda aka ɗaure ta a bayan fitilar, ya kwance notin, ya goge kan wayar da bodin da sanfefa har ƙarfe ya fito fari, ya ɗaure tam, ya shafa giris a kai don hana ruwa. Da ya sake aunawa, mita ta nuna 0.1.

Wajibi ne a yi wannan awo fitilar na kunne. Silin waya ɗaya da ya rage a maƙale zai iya nuna bolt 12 cif idan babu abin da ke jan wuta, amma ba zai ɗauki amfiya kusan 5 da fitilar gaba ke bukata ba.

Soket da ya saki ana gane shi da fitilar da ke ɗaukewa tana dawowa idan mota ta shiga gargada. Ana kunna fitilar a girgiza wayoyin da hannu ɗaya bayan ɗaya har a sami wurin da haske ke rawa. Haɗin da bai kama ba yana yin zafi, shi ya sa ake samun robar soket ta narke ko ta yi baƙi. Idan bakin ƙarfen ne kawai ya buɗe, ana matse shi. Idan ya ƙone, sai sabo. Sa ƙwai mai wat 100 a kan wayar da aka yi don wat 55 yana daga cikin manyan abubuwan da ke narkar da soket.

Hon ma haka tsarinsa yake. A danna shi a saurara: idan rile ya yi ƙas amma babu ƙara, maɓallin sitiyari lafiya yake, matsalar tana gaba, a fis, waya ko hon ɗin kansa. Hon mai ƙafa ɗaya yana samun at ne ta notin da ke riƙe shi, don haka tsatsa a wurin tana shaƙe masa murya. Idan babu ƙas ko kaɗan, ko kuma hon yana kuka ne kawai idan an karkata sitiyari, sai a duba naɗaɗɗiyar wayar da ke bayan sitiyarin. A motar da ke da jakar iska ba a kwance wannan wuri sai an cire batir, kuma aikin gwani ne.

Fis da ya ƙone ana maye gurbinsa da mai lamba irin tasa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20. Idan sabon ya sake ƙonewa, akwai wayar da ta goge tana taɓa bodi, kuma ita za a nema. Naɗa silin waya a gurbin fis yana cire kariyar da ke hana wayoyin mota kamawa da wuta.