Faifai Ɗaya Ya Mutu, Na Biyu Yana Tari: Kafin a Sake Gina RAID 5

A ce wata cibiyar kwamfuta ce a garin Rano, inda ɗalibai daga Zurgu da Kibiya suke zuwa rajistar jarrabawa. Sabar cibiyar tana da faifan ajiya huɗu, kowanne terabait 4, an haɗa su a tsarin RAID 5. Wata safiya jar fitila ta kunnu a kan faifai na uku. Mai kula da sabar ya buga `cat /proc/mdstat` ya ga `[4/3] [UU_U]`, wato uku ne suka rage cikin huɗu. Fayiloli na buɗewa lafiya ƙalau. Shawarar da kowa zai ba shi ita ce ya hau mota zuwa Kano, ya sayo sabon faifai ya zura, na'ura ta sake gina abinta. Idan faifai na biyu ya fara nuna kuskure, wannan shawara ita ce hanya mafi sauri ta rasa komai.

Sunan RAID ya fito ne daga wata maƙala da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka wallafa a 1988. Dabarar mataki na biyar lissafi ne mai sauƙi. Ɗauki faifai uku masu riƙe da 7 da 5 da 9, na huɗu ya riƙe jimillarsu, 21. Idan mai 9 ya mutu, a cire 7 da 5 daga 21, ga 9 ta dawo. Na'urar tana amfani da wani lissafi mai suna `XOR` a madadin tarawa, kuma tana rarraba wannan jimilla a kan faifan huɗu bi da bi, amma ma'anar ɗaya ce. In lamba biyu suka ɓata a layi guda, ba yadda za a yi: 7 da 21 kaɗai ba za su faɗa maka ko 5 da 9 ne ko 6 da 8 ba.

A nan haɗarin yake. Sa'ad da faifan huɗu suke da rai, in wani gurbi ya ƙi karantuwa, tsarin yana lissafo shi daga sauran ukun ya sake rubuta shi, ba wanda zai ma sani. Yanzu wannan gata ya tafi. Kuma sake gini a tsarin `mdadm` da yawancin katunan RAID ba fayiloli kaɗai yake bi ba, faifan ukun gaba ɗayansu yake karantawa, har wuraren da babu komai. Terabait 12 ke nan. Sabon faifai mai rubuta megabait 150 a daƙiƙa zai ci sama da awa 7 kafin ya cika, in ba wanda ke taɓa sabar. In ana aiki a kanta, yana iya kwana yana yi. Duk tsawon nan tsofaffin faifan suna juyawa ba hutu, a ɗakin da a watan Afrilu zafi ke kai digiri 40, ga wuta da ake iya ɗaukewa kowane lokaci.

Akwai lissafin da ya yi suna tun 2007, lokacin da Robin Harris ya yi hasashen cewa RAID 5 zai daina amfani a 2009. Masu ƙera faifan gida suna rubuta cewa kuskuren karatu da ba ya gyaruwa bai wuce ɗaya cikin bit 10^14 ba, kimanin terabait 12.5. Sabar Rano za ta karanta 12, don haka lissafin ya ba da kusan kashi 62 cikin 100 na cin karo da kuskure aƙalla ɗaya. Da faifan manyan saba masu 10^15, adadin zai sauka zuwa kusan kashi 9. Ni dai a ganina ana zuzuta wannan lissafi. Adadin iyaka ce da kamfani ya sa, kuma lafiyayyun faifai suna yin abin da ya fi haka nesa ba kusa ba. Amma abin da ya fi muhimmanci shi ne lissafin na faifan da bai nuna komai ba ne. Faifanmu na biyu kuwa ya riga ya nuna.

Sai dai kuskure iri-iri ne, kuma `smartctl -A /dev/sdb` zai rarrabe su. In lamba 199, `UDMA_CRC_Error_Count`, ita kaɗai ke hawa, yawanci waya ce ko mahaɗinta. A kashe saba a canja wayar. Lamba 5, `Reallocated_Sector_Ct`, gurabe ne da suka lalace aka riga aka musanya su: alamar tsufa ce, abin damuwa in tana ƙaruwa. Mai tayar da hankali ita ce 197, `Current_Pending_Sector`. In ta nuna 8, faifan yana gaya maka cewa akwai gurabe takwas da ya gwada karantawa ya kasa. Tunda sake gini sai ya bi ta kowane gurbi, maganar sa'a ta kusa ƙarewa, zai iso su. Binciken Google na 2007 kan faifai sama da 100,000 ya gano cewa faifan da ya nuna kuskuren bincike na farko ya ninka lafiyayye sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Ga shi kuma faifan huɗu galibi rana ɗaya aka saye su, zafi ɗaya suka sha.

Abin da ke faruwa in an iso mummunan gurbi ya danganta da na'ura. Wasu suna alamta layin a matsayin ɓatacce su wuce, a rasa fayil ɗaya ko biyu. Wasu kuwa suna korar faifan na biyu daga tsarin, nan take terabait 12 su ɓace daga allo. Garin neman gira an rasa ido.

Saboda haka a juya jerin aikin. A dakatar da rubutu a kan sabar, a mai da ita ta karatu kawai, sannan a kwashe abin da ba shi da madadi zuwa wani faifai na waje: rumbun bayanan ɗalibai, takardun kuɗi, hotunan rajista. In waɗannan gigabait 300 ne, karatun bai wuce kashi ɗaya cikin arba'in na abin da sake gini ke bukata ba. In faifan yana ƙara irin ta ƙwanƙwasa ko yana ɓacewa yana dawowa, a tsallake wannan mataki a je na gaba kai tsaye.

Na gaban shi ne a sayo faifai biyu, ba ɗaya ba, kuma sababbi, ba tokumbo ba. A tsayar da tsarin, a kwafe mara lafiyan zuwa sabo, bayan an tabbatar da sunan kowanne, don juya su goge bayanan ne:

```
ddrescue -f -n /dev/sdb /dev/sde sdb.map
ddrescue -f -d -r3 /dev/sdb /dev/sde sdb.map
```

Zagayen farko yana kwashe masu sauƙi ya tsallake masu gardama, na biyu ya koma musu sau uku. Da kwafin za a haɗa tsarin a sake gini, ba da tsohon ba. Wannan ma yana da iyaka: gurbin da ya gagara zai karantu a sabon faifai ba tare da ƙorafi ba, alhali abin da ke cikinsa ba daidai ba ne. Fayil ɗin `sdb.map` ne zai nuna inda ramukan suke, a bi a gano fayilolin da abin ya shafa.

Faifan da ya fara mutuwa kuma kada a jefar. Wani lokaci korarsa aka yi don ya yi jinkirin amsawa, kuma gurabensa na iya cike ramukan, ko da yake duk abin da aka rubuta bayan fitarsa ba ya ciki. In tsarin ya ƙi haɗuwa, `mdadm --assemble --force` a kan kwafi ake gwadawa. `mdadm --create` kuwa yana rubuta sabon bayanin tsari a kan tsohon, kuma kuskure ɗaya a jerin faifan yana iya hargitsa komai.

Wanda ke da kwafin ajiya na jiya, wanda ya gwada ya ga yana buɗewa, ba ya bukatar duk wannan wahala. Ya musanya faifan biyu, ya gina sabon tsari, ya maido da bayanansa. In zai iya ƙara faifai na biyar, ya koma RAID 6, mai jure mutuwar biyu, kuma ya sa binciken `check` ya riƙa karanta dukan gurabe duk wata, tun akwai abin gyara su.