Kowace Harka Sau Biyu Ake Rubuta Ta

A wannan tsarin ajiye lissafi, kowane asusu yana da gefe biyu: hagu, wato debit, da dama, wato kiredit. Asusun da ya karɓa a rubuta masa hagu, wanda ya bayar kuma dama.

A ce mai shago ya sari buhun sukari ₦50,000, kuɗi hannu. Sai ya rubuta 50,000 hagun asusun sari, 50,000 daman asusun kuɗi. Da ya sayar ₦56,000, sai 56,000 ta shiga hagun asusun kuɗi, ta kuma shiga daman asusun ciniki.

Jimillar kowane gefe 106,000 ce. In suka saɓa, akwai kuskure. Riba kuwa, ciniki ne a cire sari: ₦6,000.