Me Kika Sadaukar? Tambayar da Ke Tace Manyan Injiniyoyi

Idan kamfani zai ɗauki ƙaramin injiniyan manhaja, aiki ake ɗora masa a ga ko zai iya: ga matsala, rubuta mana abin da zai warware ta. Mai neman kujerar babban injiniya ma ana yi masa wannan gwaji, amma akwai wata ganawa daban, ta minti 45 zuwa awa guda, wadda sau da yawa ba a taɓa kwamfuta a cikinta. Sai kawai a ce masa: ba mu labarin wata shawara mai wuya da ka taɓa yankewa a wurin aiki. Gwanaye da yawa a nan suke tuntuɓe, domin sun ɗauka an ce su yi wa kansu kirari.

Bari mu ƙaga misali. A ce wata injiniya ce zaune gaban mutum uku. Ta yi aiki a kamfanin da ke karɓar kuɗi ta waya, kuma labarin wani ƙarshen wata ta kawo. Yadda aka gina manhajarsu, idan mutum ya biya, sai an tura masa saƙon tes na shaida kafin a ce ciniki ya kammala. Injin da ke karɓar biyan yana iya riƙe mutum 50 a lokaci guda. A ranakun da komai ke lafiya saƙon kan ɗauki daƙiƙa ɗaya, ke nan ana sallamar mutum 50 a kowace daƙiƙa. Ranar da albashi ya shiga, kamfanin da ke tura musu saƙonnin ya yi nauyi, kowane saƙo ya koma daƙiƙa 10. Lissafin ba wuya: mutum 5 kacal ake sallama a daƙiƙa, sauran suna ta kallon waya tana juyawa. Kuɗin lafiyarsa ƙalau, saƙon shaida ne ya tare ƙofa.

Hanya biyu ke gabanta. Ko a rushe sashen biyan kuɗin a sake gina shi, aikin da suka ƙiyasta zai ci wata uku, ko a raba saƙon da biyan: a karɓi kuɗi a sallami mutum nan take, saƙon kuma a jefa shi a layi, wani ɓangaren manhaja ya riƙa ɗauka yana turawa a hankali. Wannan mako biyu ne. Ta zaɓi layi.

Mai rauni a nan yake tsayawa, ya ce aka yi, matsala ta kau. Masu tambaya kuwa yanzu suka gyara zama. Ɗayansu ya ce, "To Malama, me kika sadaukar?"

Ta ce, "Abu biyu, ranka ya daɗe. Na farko, saƙon yakan makara. Mai shago zai ga an ce an biya, amma alat bai shigo ba sai bayan minti biyu ko uku, kuma kun san ba ya sakin kaya sai ya ga alat. Na biyu, tsohon ginin yana nan da duk tarkacensa. Bashi ne na ci, na kuma san za a biya shi."

Amsar da ake jira ke nan. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma duk labarin shawarar da ba a rasa komai a cikinsa ba, ko dai ba shawara ba ce, ko mai labarin bai san abin da ya rasa ba. Na biyun ya fi haɗari, domin irin wannan mutum zai sake jefa kamfani a rami yana murmushi.

Sai a tambaye ta dalilin fifita mako biyu a kan wata uku. Idan ta ce don ya fi sauƙi, ba ta ce komai ba. Amma ta ce wani ƙarshen watan na tafe nan da kwana 30, sannan idan layin bai yi ba, ana iya cire shi cikin yini ɗaya a koma yadda ake, alhali sabon gini in an kwashe bayanan mutane zuwa cikinsa, dawowa sai an sha wuya. Wannan tunani yana da suna a fagen. Jeff Bezos, wanda ya kafa Amazon, a wasiƙarsa ta shekarar 2015 ga masu hannun jari, ya kasa shawarwari gida biyu: masu kama da ƙofar da in ka shiga za ka iya fitowa, da masu kama da ƙofar da ba a komowa ta cikinta. Ta farko a yanke ta da sauri, ta biyu a yi mata nutsuwa. Ba dole ba ne mai neman aiki ya ambaci Bezos, ni ma na fi son kada ya ambata. Abin da ake so a ji shi ne ya san wace ƙofa ce a gabansa.

Daga nan tambaya takan karkata ga mutane: wa ya ƙi yarda? A labarin nan wani matashi ne a ƙarƙashinta, wanda ya dage a kan sabon gini. Tana da ikon cewa na yanke, a wuce wurin. Maimakon haka ta sa shi ya rubuta hujjarsa a shafi ɗaya, ita ma ta rubuta tata, suka karanta gaban sauran abokan aiki. Rubuta shawara a taƙaice, da dalilinta da abin da za ta haifar, al'ada ce da wani injiniya mai suna Michael Nygard ya yayata a 2011, kuma amfaninta shi ne bayan shekara biyu babu mai cewa wane mahaukaci ne ya yi wannan. Da aka tsaya a kan layi, sai ta damƙa wa matashin nan aikin gina shi, shi da ya fi kowa ƙinsa, don ta san shi zai fi kowa neman aibunsa.

An kuwa samu aibu. Irin wannan layi yakan yi alkawarin isar da saƙo aƙalla sau ɗaya, ba sau ɗaya tak ba. Idan an tura saƙo amma amsar cewa ya isa ta ɓace a hanya, sai a sake turawa. Wasu masu shago suka ga alat biyu a kan ciniki ɗaya, suka zaci sau biyu aka biya su. Maganin shi ne a ba kowane ciniki lamba tasa, a duba ko an riga an tura saƙon wannan lamba kafin a sake.

A wannan gaɓa kunnen masu tambaya na kan wakilin suna. Wasu kan ce "ni" a wurin nasara, su ce "shi" a wurin kuskure. Wasu kuma, musamman mu da aka rena da kunyar yabon kai, "mu" suke cewa tun daga farko har ƙarshe, har a rasa gane abin da su suka yi da hannunsu. Kawaici ne, amma a wannan ɗaki yana cutar da mai shi, domin mutum ɗaya za a ɗauka, ba ƙungiya ba. Ita dai cewa ta yi, "Shi ya rubuta, ni na duba na sa hannu, ni ce ban hango ba. Ban gyara masa ba. Tambayarsa na yi me zai faru in amsa ta ɓace a hanya, ya tafi ya kwana da tambayar, da safe ya zo da maganar lambar."

Tambayar ƙarshe takan zama: da za a sake, me za ki canja? Ta ce layin dai za ta sake zaɓa, amma da ta fara kunna shi ga kashi 5 cikin 100 na masu biya na kwana biyu kafin ta sakar wa kowa, da alat biyun nan a shaguna kaɗan zai tsaya. Aka ce sabon ginin fa? Ta ce har ta bar kamfanin ba a yi shi ba, kuma matashin nan har yau in sun haɗu sai ya tuna mata.