Girman Matsala Daban, Gaggawar Gyara Daban

Duk kamfanin da ke ƙera manhaja yana da rumbun da ake zuba rahotannin kurakurai a ciki. Ɗaya daga cikin tsofaffin rumbunan shi ne Bugzilla, wanda Mozilla ta fitar a 1998. A cikinsa kowane rahoto yana da gurbi biyu da sababbin shiga ke yawan rikitawa, wato Severity da Priority.

Gurbin farko yana auna tsananin ɓarna. Shin manhajar tana mutuwa? Bayanai suna salwanta? Akwai wata hanyar kewayewa? Mai gwaji ne ya fi cika wannan gurbi, kuma matakansa sun taso daga blocker da critical har zuwa minor da trivial. Na biyun kuwa layi yake tsarawa, daga P1 zuwa P5, wato wanne za a fara gyarawa. Wannan hukuncin shugaban aiki ne, domin shi ya san alkawarin da aka yi wa abokan ciniki da yawan hannun da ke ƙasa.

A ɗauki misalin manhajar da makarantu ke amfani da ita. Rahotanni biyu sun shigo ranar Litinin, makon farko na zangon farko. Na ɗaya ya ce idan aka latsa maɓallin haɗa sakamakon ƙarshen shekara, manhajar tana rufewa. Na biyu ya ce sunan makaranta yana fitowa da harafi ɗaya a ɓace a kan rasit.

Ta fuskar tsanani, na ɗaya critical ne, na biyu trivial. Amma ba wanda zai taɓa wancan maɓalli sai bayan watanni, alhali gobe iyaye za su fara biyan kuɗin makaranta, kowa ya tafi gida da rasit mai kuskure. Don haka rasit ya samu P1, a gyara shi yau. Sakamako ya samu P3, tare da rubuta ranar da dole a gama shi kafin zango na uku. Da ranar ta matso, sai a ɗaga shi zuwa P1, amma tsananinsa yana nan yadda yake, tunda ɓarnar ba ta canza ba.

Inda ake samun tangarɗa shi ne mai kai rahoto ya zuzuta tsanani don a kula shi da wuri, ko shugaba ya rage tsanani don jerin ya yi kyan gani. Alamar ba ta ɓuya: za ka tarar da P1 sun fi ƙarfin ma'aikata, ko wani critical ya kwana biyu ba mai shi, ba ranar gyara.

Saboda haka a bar hujja ta tsayar da tsanani, a bar lokaci da buƙata su tsayar da fifiko, kuma duk wanda ya sauya ɗayansu ya rubuta dalilinsa a jikin rahoton.