BIOS ko UEFI: Zaɓin Minti Ɗaya da Kan Hana Baƙuwar Kwamfuta Tashi

Tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, masu kula da kwamfutocin ofisoshi suke ta ƙoƙarin komawa Windows 11. Da yawansu sun yi tuntuɓe da wani zaɓi da suka yi shekaru da suka wuce ba tare da sun ko lura ba. Abin ya fi shafar masu amfani da baƙuwar kwamfuta, wato wadda manhaja irin su Proxmox, VirtualBox ko Hyper-V ke ƙirƙira a cikin wata kwamfutar ta gaske.

Duk kwamfutar da aka kunna, akwai wata ƙaramar manhaja da ke fara farkawa, ta lalubo Windows ko Linux a kan diski, ta miƙa masa ragama. Ita ma baƙuwa tana da tata, kuma ranar ƙirƙirarta ake zaɓa. A Proxmox, wanda bai taɓa komai ba yakan sami SeaBIOS, wato tsohon tsari, sai fa in ya ce Windows 11 zai saka. Mai son UEFI sai ya zaɓi OVMF.

Matsalar ita ce, ba wuri ɗaya suke leƙawa ba. BIOS yana karanta bayit 512 na farkon diski, wanda ake kira MBR, ya bi umarnin da ya tarar. UEFI kuwa wani yanki na musamman yake nema, mai tsarin FAT32, inda aka ajiye fayilolin tayarwa. Lokacin da ake saka Windows, yana duba wanne ne ya tashe shi, sai ya tsara diskin daidai da shi: MBR ga BIOS, GPT ga UEFI. Kamar gida ne da aka gina ƙofarsa tana kallon gabas. Wanda ya ɓullo ta yamma katanga zai tarar.

A ɗauki ma'aikacin da ke da baƙuwa mai Windows 10 a kan SeaBIOS. Windows 11 ya ce sai da UEFI da TPM 2.0. Sai ya kashe ta, ya canja zuwa OVMF, ya kunna. Maimakon Windows, sai ta yi ta neman tashi ta hanyar sadarwa, ko ta tsaya a baƙin allo mai `Shell>`. Hankali kan tashi a nan, amma ko fayil ɗaya bai ɓace ba, kuma da ya mayar da SeaBIOS za ta tashi lafiya lau.

Diskin ne ya kamata ya fara gyarawa. Bayan ya ɗauki kwafin ajiya, ya dakatar da BitLocker in yana aiki, sai ya buɗe wurin rubuta umarni da ikon shugaba:

```
mbr2gpt /validate /allowFullOS
mbr2gpt /convert /allowFullOS
```

Na farko bincike ne kawai, kuma zai ƙi amincewa idan diskin ya wuce manyan yankuna uku. Na biyu shi ke ƙirƙirar yankin tayarwa ya mayar da diskin GPT. Daga nan babu komawa, domin SeaBIOS ba zai ƙara tayar da wannan Windows ɗin ba. Yanzu ne zai kashe baƙuwar, ya zaɓi OVMF, ya ƙara mata `EFI Disk` da `TPM State`.

Kada a raina wannan ɗan ƙaramin `EFI Disk` ɗin. A cikinsa UEFI ke rubuta inda fayil ɗin tayarwa yake. Wanda ya kwashe baƙuwa zuwa wata na'ura ya manta da shi, yana iya ganin Debian ya ƙi tashi, domin ba ya ajiye fayil ɗinsa a `\EFI\BOOT\BOOTX64.EFI`, inda UEFI ke dubawa in ya rasa rubutaccen adireshi, sai an umarce shi. Haka kuma idan `TPM State` ya salwanta, BitLocker zai buƙaci lambobin ceto guda 48.

Masu Hyper-V ma ba su da damar wannan sauyin: `Generation 1` BIOS ce, `Generation 2` UEFI ce, kuma ba a canjawa bayan ƙirƙira, sai dai a gina sabuwa a jona mata diskin da aka gyara.

Mai son sanin inda baƙuwarsa ta tsaya ya buɗe `msinfo32` ya duba `BIOS Mode`. A Linux, samuwar `/sys/firmware/efi` na nufin UEFI ne.

BIOS bai mutu ba. Tsofaffin manhajoji irin su Windows XP da shi kaɗai suke tashi. Amma duk sabuwar baƙuwar da za a saka wa Windows ko Linux na yau, ko wadda diskin tayarwarta zai wuce terabayit 2, a ba ta UEFI tun ranar farko.