Kwana Tara Ban Amsa Saƙonsa Ba

Wata Talata da daddare wani aminina ya turo mini saƙo ta WhatsApp: kuɗin makarantar yaransa bai cika ba, ko zan ranta masa naira dubu 40 zuwa ƙarshen wata. Na buɗe na karanta. Ba ni da su. Na ji nauyin ce masa babu, sai na ce bari gari ya waye. Garin da bai waye ba ke nan sai bayan kwana tara.

Da na zauna rubuta amsa, abin da ya fara zuwa mini shi ne: "Wallahi ka san yanayin aikinmu, ga rashin wuta, ga netwok, ai ko Hajiya ban samu na kira ba." Na goge. Tun 2014 WhatsApp ya fito da alamun nan biyu da ke komawa shuɗi in an karanta saƙo, nasa kuwa sun yi shuɗi tun daren farko. Ya kuma ga hoton ɗaurin auren da na ɗora a status ranar Asabar.

Ba wuya a gane amsar mai kare kai. Uzuri ne a jere, uku ko huɗu, kamar mai tsoron ɗaya ba zai isa ba. Akwai "ai", akwai "ka san dai", sannan "amma" ta biyo bayan "yi haƙuri" ta cinye ban haƙurin. Mafi muni ita ce "kai ma ai haka kake yi mini". Laifi tudu ne, in ka taka naka ka hango nasa, abokin da ya zo neman taimako ya koma kare kansa.

Ga abin da na tura: "Salam, mutumina. Na ga saƙonka tun ranar da ka turo, ban amsa ba, ban kyauta ba. Ba ni da kuɗin ne, kunya ta hana ni faɗa. Afuwan. Dubu 15 na samu yanzu, in har da sauran buƙata turo lambar asusu."

Laifin ne a gaba, dalili ɗaya tal a tsakiya, sai amsar abin da ya tambaya. Wannan na ƙarshen mutane ke yawan mantawa. A cika waya da ban haƙuri, mai tambaya na nan bai san eh ko a'a ba.

Da a ce saƙon rasuwa ne ko haihuwa, rubutu ba zai wadatar ba, sai kira ko takawa har gida.

Bayan sallar isha'i ya amso da saƙon murya: "Haba Malam, da ka ce babu tun ranar ai da na nemi wani wajen. Shirun ne ya dame ni, na zaci roƙon ya ɓata maka rai." Can ƙasa ya rubuto lambar asusun.