Wa Za a Sa "En Copie"? Ladabin Aika Imel da Faransanci

Ma'aikacin da ya saba da imel na Turanci, ranar da ya fara zama gaban kwamfuta a wani ofis a Maraɗi ko Yamai, abin da zai fara nema ya rasa shi ne Bcc. Gurbin yana nan, sunansa ne ya canza. A Gmail da Outlook da aka saita da Faransanci, layin farko À ne, na biyu Cc, na uku kuma Cci. A ƙarƙashinsu akwai Objet, inda ake rubuta kan magana. Duk da cewa a 2025 hukumomin Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya ci gaba da zama harshen aiki, kuma da shi ake rubuta yawancin wasiƙun ofis a can, haka ma a Chadi da Benin da mafi yawan sassan Kamaru. Ɗan kasuwar Kano ko Katsina da ke hulɗa da waɗannan wurare ba shi da makawa sai ya san gurbin da zai ajiye kowane mutum.

Cc daga zamanin tafireta ya samo asali. Akawu kan sa takardar kabon tsakanin farare biyu, ya buga wasiƙa sau ɗaya ta fito biyu, sannan ya rubuta a ƙasa sunan wanda za a ba ta biyun. Masu Faransanci suna fassara haruffan da copie carbone, wasu kuma, musamman a Kebek ta Kanada, sun fi son copie conforme, wato kwafin da ya yi daidai da na asali. Harafin i da ke cikin Cci na nufin invisible, abin da ba a gani. Amma a baki ba kasafai ake furta wannan doguwar magana ba. Abin da za a ji a ofis shi ne en copie idan kwafin a fili yake, da en copie cachée idan ɓoyayye ne. Kada a rikita wannan da copie certifiée conforme, takardar da ake kai wa ofishin magajin gari a buga mata hatimi, ko da CCI na manyan baƙaƙe da ake gani a allunan gine-gine, wanda cibiyar 'yan kasuwa da masana'antu ce.

Ƙa'idar da ke raba layukan biyu na farko mai sauƙi ce. Wanda aka sa a À shi ake jiran ya yi wani abu: ya amsa, ya biya, ya sa hannu. Wanda aka sa a Cc an sanar da shi ne kawai, kuma ba laifi ba ne idan bai ce uffan ba. Mutane da yawa ma suna saita akwatinsu ya riƙa tura duk wasiƙar da suke en copie zuwa wata jaka daban, su duba ta in sun sami sarari. Saboda haka wanda ya sa akanta a Cc, sannan ya ɓoye umarnin biyan kuɗi a sakin layi na uku, kada ya yi mamaki idan mako ya wuce kuɗi ba su fita ba.

A ɗauka wani kamfanin hatsi a Kano ya sayi wake daga wani mai kaya a Maraɗi. Sakataren kamfanin yana so mai kayan ya aiko da takardar farashi, akantan kamfanin kuma yana buƙatar ya san an nema, domin shi zai biya. Mai kayan shi ne zai shiga À, akanta a Cc, wasiƙar kuma ta kasance kamar haka:

```
Objet : Demande de facture pro forma
Bonjour Monsieur,
Merci de nous envoyer la facture pro forma avant jeudi.
Je mets en copie notre comptable, qui suivra le paiement.
Cordialement,
```

Layi na huɗu shi ne wanda baƙi suka fi mantawa. Ma'anarsa: na sa akantanmu a kwafi, shi zai bi maganar biyan kuɗi. A al'adar ofis ta Faransanci, idan aka shigo da sabon mutum cikin wasiƙa, ana faɗin ko shi wane ne da dalilin shigo da shi. Mai kayan Maraɗi da ya ga baƙon adireshi ba tare da bayani ba zai fara tunanin ko lauya ne, ko wani mai kaya ne da ake so ya ga farashinsa. Gaisuwar kuma ta tsaya ga wanda ke À shi kaɗai; ba a gaida wanda ke kwafi a kan wasiƙa, sai dai a ambace shi a ciki.

Aikatau ɗin da ke tafiya da wannan magana shi ne mettre, wato sawa. Ana cewa mettre quelqu'un en copie. Wanda yake so a riƙa sanar da shi zai rubuta Merci de me mettre en copie. Wanda yake so kada a cire abokin aikinsa idan za a amsa zai ce Merci de garder mon collègue en copie. Akwai kuma salon da ya fi nuna girmamawa, wanda ake yawan gani a ma'aikatun gwamnati da ƙungiyoyin agaji: Monsieur le Directeur, qui nous lit en copie, wato mai girma darakta, wanda yake karanta mu a kwafi. Tsakanin abokan aiki da suka saba da juna sai a ji je te mets dans la boucle, na shigar da kai cikin zancen, amma wannan bai dace a rubuta wa babba ko baƙo ba.

Tsofaffin ma'aikatan gwamnati a Nijar ba baƙi ba ne ga wannan tsari. A ƙasan takardun hukuma akwai jerin da ake kira Ampliations, inda ake lissafa ofisoshin da za a ba kwafi, daga babba zuwa ƙarami. Wannan ɗabi'a ta biyo su cikin imel. Akwai ofisoshin da ake lura da wanda aka fara rubutawa a layin Cc, kuma sa sunan ƙaramin ma'aikaci gaban na darakta yana iya jawo tsuke fuska. Kwamfuta ba ruwanta da jerin, amma masu karantawa suna gani.

Daga nan ne Cc ke zama makami. A koma ga misalin wake: Alhamis ta wuce, takardar farashi ba ta zo ba. Sakatare ya sake rubutawa, wannan karon ya sa shugaban kamfanin Maraɗi a Cc. Ko da kalmominsa masu taushi ne, mai karɓa zai fahimci an kai ƙararsa gaban ubangidansa. Wani lokaci hakan ya dace, idan an tuna sau biyu ko uku ba amsa. Amma yin haka tun a tuni na farko yana ɓata hulɗar da aka daɗe ana ginawa, kuma amsar da za ta dawo takan zo a bushe, ita ma da manya biyu a kwafi. Ya fi kyau a fara da tuni tsakanin mutum biyu, da jumla irin Je me permets de vous relancer, ko a ɗaga waya.

Cci kuwa yana da aiki guda da ba a jayayya a kansa: aika saƙo ɗaya ga mutane da yawa waɗanda ba su san juna ba. Makarantar da ke sanar da iyaye ranar komawa, ƙungiyar da ke gayyatar taro, ofishin da ke amsa wa masu neman aiki, duk ya kamata su zuba adireshin jama'a a Cci, su sa nasu adireshin a À. Ta haka kowa zai sami saƙon ba tare da ya ga sunan ɗan uwansa ba. Idan aka yi kuskure aka zuba su a Cc, kowane mai neman aiki ya san waɗanda suka nema tare da shi, kuma ba a iya janye abin da ya riga ya isa akwatin mutane. A Faransa, inda dokar kare bayanan mutane ta Tarayyar Turai da suke kira RGPD ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, adireshin imel na mutum yana cikin bayanan da doka ta kare, kuma hukumar CNIL ce ke sa ido. Nijar ma tana da tata hukumar, HAPDP. A irin wannan saƙo ana iya ƙara layi ɗaya don kowa ya gane: Les destinataires sont en copie cachée.

Matsala tana tasowa idan aka yi amfani da Cci don a sa wani ya saurari zance a ɓoye. A ce sakataren Kano ya rubuta wa mai kayan Maraɗi, ya sa shugabansa a Cci. Shugaban ya buɗe a waya cikin gaggawa, bai lura cewa sunansa ba ya cikin À ko Cc ba, ya danna Répondre à tous. Amsarsa za ta tafi ga sakatare da mai kayan duka biyu. Nan take mai kayan ya gane akwai wanda ke laɓe tun farko, kuma daga ranar zai riƙa auna kowace kalma. Akwai wata illar ta biyu da ba a cika lura da ita ba: idan mai kayan ne ya danna Répondre à tous, amsarsa ba za ta kai ga wanda ke Cci ba, domin kwamfutarsa ba ta san da shi ba. Shugaban zai ga tambaya, ba zai ga amsa ba. Hanyar da ta fi aminci ita ce a aika wasiƙar yadda take, sannan a shiga jakar saƙonnin da aka aika a danna Transférer, a tura wa shugaban da kalmomi biyu, Pour information, ko Pour info idan an saba.

Wanda ya sami wasiƙa, ya duba bai ga sunansa a À ba kuma bai gan shi a Cc ba, to a Cci aka sa shi, kuma abin da ya dace shi ne ya amsa wa mai aikowa shi kaɗai da Répondre.

Akwai wuri ɗaya da ake sa mutum guda a Cci a fili, har a faɗa. Wani dillali ya haɗa kamfanin Kano da mai kayan Maraɗi ta imel, ya sa su biyun a À. Aikinsa ya ƙare, ba ya buƙatar wasiƙu ashirin na cinikin buhu da kuɗin mota. Wanda ya fara amsawa sai ya ɗauke adireshin dillalin daga À ya mayar da shi Cci, ya buɗe da Merci pour la mise en relation, je vous passe en Cci. Dillalin ya ga godiyar, ya san an haɗu, mai kayan ma ya karanta cewa an yi hakan, kuma duk amsar da za ta biyo baya tsakanin mai saye da mai sayarwa kaɗai za ta riƙa yawo.